Darasi na Goma Sha Biyu: Jimlar da Ta Tattara Haruffa Duka

Wata shekara na kai takardar gayyatar walimar sauka wani shagon ɗab'i. Na rubuta ta da hannuna, kowane harafi da ƙugiyarsa, yaron shagon ya karɓa ya ce in dawo bayan la'asar. Da na dawo na tarar an riga an buga kati ɗari biyu an yanka. A layi na uku, inda na rubuta "manyan baƙi", sai na ga an buga "manyan baki". Sauran layukan ma haka suke, duk inda ƙ ko ɗ take an sa k ko d. Da na yi magana yaron ya ce ba laifinsa ba ne, salon rubutun da ya zaɓa a kwamfuta ba shi da waɗannan haruffa, da ya danna su sai wasu 'yan akwatuna suka fito, shi kuwa ya ga gara ya sa waɗanda ke akwai. Haka na raba katin ina ba mutane haƙuri, domin lokaci ya ƙure.

Da a ce tun da safe na sa shi ya buga mini layi ɗaya tak wanda ya ƙunshi kowane harafi na Hausa, da cikin minti guda mun gane salon rubutun nan ba zai yi ba. Irin wannan layi shi ne darasinmu na yau: jimla mai ma'ana wadda kowane harafi ya fito a cikinta ko da sau ɗaya ne. Turawa suna ce mata fangiram, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin "duka" da "harafi". Mu a nan za mu riƙa ce mata jimlar tattara-haruffa. Za mu koyi yadda ake gane ta idan an gan ta, da yadda mutum zai ƙaga tasa.

A fara daidaitawa a kan haruffan

Ba a cewa tumaki sun cika sai an san adadin garken. Saboda haka kafin komai, kowa ya rubuta wannan jeri a saman shafinsa:

a b ɓ c d ɗ e f g h i j k ƙ l m n o r s sh t ts u w y 'y z

Ku ƙirga, ashirin da takwas ne. Biyar wasula ne, wato a, e, i, o, u, sauran ashirin da uku baƙaƙe. Babu p, q, v da x a ciki. Kuna iya ganinsu a sunayen ƙasashen waje ko a jikin kwalin magani, amma ba mu bukatarsu a wannan aiki.

Akwai haruffa uku a jerin da suke ruɗa mai koyo, su ne sh, ts da 'y. Kowannensu ana rubuta shi da alama biyu, amma sauti ɗaya ne, kuma harafi ɗaya muke ƙirga shi. Wannan yana da hukunci mai muhimmanci. Idan kalmar "shanu" ta zo a jimla, ta biya mana sh, amma ba ta biya s ba, ba ta kuma biya h ba. Haka "tsoho" ta biya ts, amma t tana nan ana binmu bashinta. "'Ya'ya" ba ta biya y ba. Mutanen Nijar sun huta da rabin wannan ruɗani, domin su suna rubuta 'y da harafi guda mai ƙugiya, ƴ, ido yana gani ya san ba y ba ce.

Wasu littattafan nahawu suna ƙara tagwaye irin su kw, ky, gw, gy, ƙw, ƙy da fy cikin jerin baƙaƙe, suna kuma lissafa alhamzar da ke cikin "jama'a" da "sana'a". Ba su yi kuskure ba, su sautukan harshe suke ƙirgawa. Mu abin da hannu ke rubutawa muke bi, kuma wanda ya iya rubuta k da w ya iya rubuta kw. Alhamza za mu dawo kanta nan gaba. Abin da ake so dai shi ne aji ya tsaya a kan jeri ɗaya, don kada wani ya ce jimlarsa ta cika wani ya ce da saura, alhali ma'auninsu ne ya bambanta.

Yadda ake bincikar jimla

Ga jimla, ku karanta ta:

Malam Bala ya tafi kasuwa ya sayo shinkafa da gero da zuma domin 'ya'yansa.

Doguwa ce, tana da z, tana da 'y, tana da sh, wanda ya kalle ta sama-sama zai ce ai ta kusa cika. To, kada ku yarda da ido. Kuskuren da yawancin masu koyo suke yi shi ne su bi jimlar daga farko zuwa ƙarshe suna kallon abin da ke ciki. Abin da ke ciki ba shi muke nema ba, abin da babu muke nema, shi kuwa ba ya nuna kansa. Don haka jerin haruffan nan da kuka rubuta a sama shi za ku bi, ɗaya bayan ɗaya, kamar malami yana kiran suna a aji. Ku kira harafi, ku nemo kalma ɗaya da ta amsa, ku soke shi. Wanda bai amsa ba ku kewaye shi.

Mu gwada. A ta amsa tun daga "Malam". B tana cikin "Bala". Ɓ fa? Ku bi kalmomin duka, babu, a kewaye. C ma babu. D tana cikin "da". Ɗ babu. E da g suna cikin "gero", f tana cikin "tafi". Ga h, nan ne ake zamewa: hannu zai so ya soke ta saboda "shinkafa", amma mun riga mun ce wannan sh ce, don haka h ba ta zo ba. I ta zo, j ba ta zo ba, k ta zo, ƙ ba ta zo ba. Daga l har zuwa t kowa ya amsa. Ts babu. U, w, y, 'y da z duk suna nan.

Waɗanda aka kewaye bakwai ne: ɓ, c, ɗ, h, j, ƙ da ts. Jimlar tana da haruffa hamsin da takwas, amma iri ashirin da ɗaya kawai ta kawo. A kaɗai ta fito sau goma sha takwas. Ke nan tsawon jimla ba ya nuna cikarta, kamar yadda cikar kasuwa ba ta nuna cewa wanda kake nema ya zo.

Idan kun saba, akwai gajeriyar hanya. Ku fara neman ɓ, sannan ƙ, ɗ, ts, 'y, c, j da z. Mafi yawan jimlolin da za ku ci karo da su a jarida ko a wasiƙa, kafin ku gama waɗannan takwas sun faɗi, ba sai kun wahalar da kanku da sauran ba. Amma idan jimla ta tsallake waɗannan, dole a koma a bi jerin duka, saboda wani lokaci harafin da ba a zata ba ne yake ɓacewa, kamar e ko o ko l.

Yadda ake gina ta

Wanda ya fara da rubuta kyakkyawar jimla sannan ya dawo yana cusa mata haruffan da suka rage, zai ƙare da doguwar magana marar kai. Dubi jimlar Malam Bala: kafin a cusa mata haruffa bakwai sai ta kai layi uku. Hanyar da ta fi ita ce a fara da masu wuyar samu, a bar a da n da k su zo da kansu, domin ko ba a gayyace su ba za su zo.

Na fara da ɓ, domin kalmominta ba su da yawa: ɓera, ɓawo, ɓoye, zaɓe, ɓarawo. Na ɗauki "ɓarawo" saboda dalili biyu. Na farko, ta zo da r, w da o a tare. Na biyu, ta zo da labari, tunda ɓarawo sata yake yi, kuma "sace" tana ɗauke da s, c da e. Me ya sace? Ina bukatar 'y da j, sai na ce 'yan kaji. Guda nawa? A cikin lambobi babu wadda ta kai "huɗu" amfani a nan, ta kawo h tsantsa, ta kawo u, ta kawo ɗ. Ga abin da na samu:

Ɓarawo ya sace 'yan kaji huɗu.

Haruffa ashirin da uku kacal, amma iri goma sha bakwai sun samu. Saura goma sha ɗaya: b, d, f, g, ƙ, l, m, sh, t, ts, z. Yanzu sai a riƙa yi wa labarin tambayoyi, kowace amsa ta biya bashin wasu haruffa. Kajin kaɗai ya ɗauka? A'a, har "da zakaran maƙwabcinmu". Wannan ya biya d, z, m, ƙ da b, saura shida. Ta ina ya shigo? "Ya tsallake katanga." An sami ts, l, t da g, saura f da sh. Yaushe abin ya faru? "Shekaranjiya da safe." Shi ke nan:

Shekaranjiya da safe ɓarawo ya tsallake katanga ya sace 'yan kaji huɗu da zakaran maƙwabcinmu.

Ku kira sunan haruffan ku gani, ashirin da takwas ɗin duk sun amsa. Kuma magana ce da mutum zai iya faɗa wa mai unguwa ba a yi masa dariya ba. Wannan shi ne sharaɗi na biyu bayan cikar haruffa, jimla ta zama Hausar da ake yi. Waɗanda suka yi karatun allo sun san abajada, kalmomin nan takwas da suka tattara haruffan Larabci ashirin da takwas, waɗanda masu hisabi suke aiki da su. Sun tattara haruffa, amma ba jimla ba ce, domin ba su ba da wani labari.

A rage mata nauyi

Jimlarmu tana da kalmomi goma sha biyar, haruffa saba'in da shida. Ta yi aiki, sai dai ta yi wa mai koyon rubutu tsawo, ba za ta shiga layi ɗaya a littafinsa ba. Rage ta shi ne wurin da gwaninta take, kuma a ganina nan ne daɗin aikin yake.

Dabarar ita ce a tambayi kowace kalma abin da ta kawo wanda wata ba ta kawo ba. "Shekaranjiya" haruffa goma sha ɗaya ce, amma sh kaɗai muke ci da ita, tunda j tana cikin "kaji". Ta yi tsada. "Maƙwabcinmu" ma goma sha ɗaya ce, don ƙ, b da m. "Tsallake katanga" goma sha huɗu ce, don haruffa huɗu. Sai a nemi gajerun kalmomi masu ɗaukar kaya biyu-biyu. "Ƙofa" ta haɗa ƙ da f. "Shigo" ta haɗa sh da g. "Lambu" ta haɗa l, m da b. 'Yan kaji kuwa ai su ne 'yan tsaki, ga ts ta samu a ɓagas. Sai dai cire "kaji" ya tafi da j, don haka a dawo da ita ta hanyar "jiya". T kuma ta tafi tare da katanga, sai 'yar kalmar nan "ta" ta maye gurbin. Zakara ya koma zabo, an rage haruffa biyu. Ga sakamakon:

Jiya ɓarawo ya shigo lambu ta ƙofa ya sace 'yan tsaki huɗu da zabo.

Haruffa hamsin. Ta fi jimlar Malam Bala gajarta da haruffa takwas, ga shi kuma ba ta bar kowa a baya ba.

Ku lura da yadda kowace kalma take riƙe da wani abu. Idan wani ya kwafe ta ya rubuta "uku" maimakon "huɗu", h da ɗ sun tafi. Idan ya ce "ya kama" maimakon "ya sace", s da c da e sun tafi gaba ɗaya, domin e sau ɗaya tak ta fito a jimlar. Idan ya ce "daga ƙofa", t ta ɓace, kuma ba zai lura ba, saboda idonsa zai faɗa kan "tsaki" ya ɗauka tana nan. Shi ya sa duk lokacin da aka taɓa ko kalma ɗaya ce, sai an sake kiran suna daga a har z. Ni kaina na sha faɗawa wannan rami: in gyara wuri ɗaya, in yi murna, ashe na ɓalle wani wurin.

Ana iya ƙara ragewa? Ana iyawa. A cire "jiya", a ce "jan zabo", an sami arba'in da tara. Amma wa ya taɓa ganin jan zabo? Harafi ɗaya bai kai a sayar da ma'ana saboda shi ba, don haka na tsaya a hamsin. Wanda kuma yake son alhamza ta shiga, sai ya sa "Ran Juma'a" a wurin "Jiya". J tana nan, y tana cikin "ya", jimlar ta koma haruffa hamsin da biyar idan an ƙirga da alhamzar.

Me ya sa ba ta sauka zuwa ashirin da takwas?

A kowane aji sai an sami mai tambaya ko za a iya yin jimlar da kowane harafi zai fito sau ɗaya tak, ba maimaici. A Hausa ba ta yiwuwa, kuma dalilin yana cikin ginin gaɓa.

Ku rarraba jimlarmu: ji-ya ɓa-ra-wo ya shi-go lam-bu ta ƙo-fa ya sa-ce 'yan tsa-ki hu-ɗu da za-bo. Gaɓoɓi ashirin da huɗu ne, kowace da wasalinta. Gaɓar Hausa ba ta tsayuwa sai da wasali, kuma iyakar abin da take ɗauka baƙi biyu ne, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kamar "lam" ko "'yan". Idan aka ce kowane wasali sau ɗaya zai fito, gaɓa biyar ke nan, baƙi goma. Ko an yi dabarar kw da gy an shigar da w da y a ɓoye, goma sha biyu ne. Mu kuwa baƙaƙe ashirin da uku muke da su. Jaki biyar ba su ɗaukar kayan jaki goma sha biyu.

To mene ne mafi ƙanƙantar abin da lissafi ya yarda da shi? Idan kowace gaɓa ta ɗauki baƙi biyu, ana bukatar gaɓa goma sha biyu, wato wasula goma sha biyu a kan baƙaƙe ashirin da uku, jimilla talatin da biyar. Wannan a takarda ne kawai. A bakin Bahaushe yawancin gaɓoɓi da wasali suke ƙarewa, kuma baƙaƙe irin su ɓ, ɗ, ƙ, c da j ba su rufe gaɓa sai idan an ninka su, kamar a "ɓaɓɓake", "ɗaɗɗaure" da "ƙaƙƙarfa", ninkin kuwa maimaici ne. A jimlarmu gaɓa biyu ce kawai a rufe. Baƙaƙenta ashirin da shida ne, wato uku kacal suka yi rara, y biyu da b ɗaya. Sauran nauyin duk wasula ne, a kaɗai sau goma sha uku. Saboda haka wanda yake son ya sauko ƙasa da hamsin, hanyarsa ita ce neman kalmomi masu rufaffiyar gaɓa, irin su "zurfi", "tsafta" ko "gishirin", ba cire baƙaƙe ba, domin babu sauran na cirewa sosai.

Japanawa suna da wata tsohuwar waƙa mai suna Iroha, wadda aka samu a rubuce tun 1079. Ta tattara alamomin rubutunsu arba'in da bakwai, kowace sau ɗaya. Abin ya yiwu gare su ne saboda kowace alama a wannan rubutu gaɓa ce sukutum, baƙi da wasalinsa a haɗe, don haka wasali ba ya ƙare musu.

Inda ake aiki da ita

Mafi shahara a duniya ita ce ta Ingilishi, mai maganar yanyawa da ta tsallake malalacin kare:

```
The quick brown fox jumps over the lazy dog
```

Haruffa talatin da biyar ce, ta tattara ashirin da shida na Ingilishi. Ta bayyana a wata jarida ta birnin Boston tun 1885, daga nan masu koyon tafireta suka riƙe ta, domin tana sa yatsu su taɓa kowane maɓalli. A 1963, da aka kafa layin aika saƙon gaggawa tsakanin Washinton da Mosko, da wani nau'inta aka fara gwada na'urar. Har yau ita ce ke fitowa idan aka buɗe salon rubutu don a duba shi a kwamfuta mai Windows ta Ingilishi. Ita ma tana da nata ramin: mutane da yawa suna rubuta `jumped` a wurin `jumps`, s ta ɓace ba su sani ba, daidai da abin da ya sami t ɗinmu.

Sai dai wannan jimla ba ta yi wa Bahaushe komai. Salon rubutu zai iya nuna ta tsaf, ya zo kan ɓ, ɗ da ƙ ya kasa. Su kuwa waɗannan haruffa ba ado ba ne. Tun shekarun 1930 aka shigar da su rubutun boko, kuma su ne suka raba kafa da ƙafa, fada da faɗa, baki da baƙi. Don haka idan za ku buga kati, ko takardar ƙungiya, ko allon shago, ku ce a fara buga muku jimlarmu da salon da aka zaɓa. Alamar matsala iri uku ce. Ko akwati ko alamar tambaya ta fito a wurin harafin. Ko harafin ya fito amma ya bambanta da 'yan'uwansa, ya fi su kauri ko tsawo, wanda ke nuna na'urar ta aro shi ne daga wani salon. Ko kuma ƙugiyar ta ɓace gaba ɗaya. Ku sa a buga ta sau biyu, da ƙananan haruffa da manya, domin Ɓ, Ɗ da Ƙ daban suke da ƙananansu, ana iya samun waɗannan a rasa waɗancan:

JIYA ƁARAWO YA SHIGO LAMBU TA ƘOFA YA SACE 'YAN TSAKI HUƊU DA ZABO.

Haka za ku gwada sabuwar waya. Ku rubuta jimlar ku aika wa wani, ku tambaye shi abin da ya gani a tasa.

Ga mai koyon rubutun hannu kuwa, amfaninta ya fi kusa. Layi ɗaya ya sa hannu ya bi ta kan kowane harafi, a cikin kalma, ba a tsaye shi kaɗai ba. Malami yana duban layin nan zai gane inda ɗalibi ke tuntuɓe: wani yana juya b ta koma d, wani yana sa ƙugiyar ɗ a gefen da ba nata ba, wani yana mance ɗigon j. Mahaddata ma sun daɗe da sanin irin wannan a Alƙur'ani mai girma, inda ayar ƙarshe ta Suratul Fathi, aya ta 29, ta tattara haruffan Larabci duka, haka ma aya ta 154 a Suratu Ali Imrana.

Aiki

Ku rubuta jerin haruffa ashirin da takwas sau uku, ku bincika waɗannan jimloli. Ku faɗi wadda ta cika, wadda ba ta cika ba kuma ku fitar da abin da ta rasa.

1. Direba ya tsaya a Zariya ya ɗauki fasinja goma sha shida, ɓarayi suka ƙwace 'yan kuɗinsu.
2. 'Yan makaranta sun ɓare gyaɗa cikin ƙwarya, tsohuwa ta zuba gishiri ta dafa wa almajirai.
3. Mahauci ya gasa tsire da balangu, 'yan ƙauye suka zo suka ɓatar da kuɗinsu, Jatau kuwa ya sha ruwa kawai.

Bayan haka, ku gyara jimla ta uku ta hanyar canza kalma ɗaya. Sannan kowa ya gina tasa, amma kada ya yi amfani da "ɓarawo" ko "huɗu". Ku fara da "zaɓe", ko "ɓera", ko "karɓa", ku ga inda labarin zai kai ku. A ƙarƙashin jimlar ku rubuta adadin haruffanta.

Kada ku duba amsa sai kun gama. Ta farko ta rasa h, l da t. Wanda ya ce l kaɗai ta rasa, sh da ts ne suka yaudare shi. Ta biyu ta cika. Ta uku f kawai ta rasa, kuma idan Jatau ya sha fura maimakon ruwa, an gama, tunda r da w suna nan a wasu kalmomin.

Ranar darasi na gaba kowa ya zo da jimlarsa a takarda daban, ba suna a jiki. Za mu yi musaya, kowa ya bincika ta wani, domin mai jimla shi ne na ƙarshen ganin harafin da ya tsere masa. Wanda ya kawo mai ma'ana da ba ta kai haruffa hamsin ba, tasa za mu rubuta a saman allo a wurin tawa.